Yadda Na Auna Saurin Tafiyar Ruwa a Cikin Ƙasar Wata Gona a Kura

A watan Fabrairu ne wani dattijo mai noman rani a yankin Kura ta jihar Kano ya nemi in je in duba gonarsa, wadda take shan ruwan da ake sakowa daga madatsar Tiga. Kukansa shi ne, gefen gonar na gangare ya daina bushewa, tumatirin da ya dasa a wurin ya yi ɗorawa ya tsaya cak, kuma da rana ta buɗe sai a ga fari-fari kamar kanwa a bayan kunyoyi. Ya riga ya yanke shawarar yanka magudanan ruwa, abin da yake so ya ji daga gare ni shi ne tazarar da zai bari tsakanin magudana da magudana. Na gaya masa cewa ba zan iya faɗin haka da ka ba, sai na fara sanin yadda ƙasar take barin ruwa ya ratsa ta idan ta ƙoshi da ruwa ƙwarai, wato idan babu sauran iska a ƙofofinta. Wannan adadi shi ne masana ƙasa da ruwa suke rubutawa da harafin K, kuma masu aikin magudana suna ƙirga shi da mita a kwana ɗaya.

Tun da yake ruwan ƙarƙashin ƙasa a wurin yana kusa, sai na zaɓi hanyar ramin awo, wadda Hooghoudt ya inganta a ƙasar Holan a 1936, Ernst ya daidaita lissafinta a 1950. Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa yashe rijiya. Ana huda siririn rami har ya wuce matakin ruwan ƙasa, a bar ruwa ya taso ya tsaya, a kwashe wani kaso nasa da sauri, sannan a ƙirga saurin da yake komowa. Ƙasa mai yashi takan mayar da ruwan nan take, mai laka kuwa takan ɗauki lokaci, kuma daga wannan saurin ne ake fitar da K.

Kayan aikin duka a bayan babur muka ɗauro su, ni da wani matashi da yake taimaka mini. Akwai ƙarfen haƙa na hannu samfurin Edelman mai bakin santimita 8, wanda ake murɗawa ana ciro ƙasa kaɗan-kaɗan. Akwai gugan bututu, wato bututu mai ɗan murfi a gindinsa wanda yake buɗewa idan an nutsa shi, ya rufe idan an ɗago. Sai tef na ƙarfe da aka ɗaura wa ɗan rufaffen gwangwani marar nauyi a ƙarshensa domin ya riƙa zama a bisa ruwa, da ƙarfen da ake kafawa a bakin rami a rataya tef ɗin, da agogo mai ƙirga daƙiƙa, da littafi. Na roƙi mai gonar tun kafin mu zo da kada ya yi ban-ruwa a kwanaki biyun da suka gabata, domin ruwan da yake kwance a sama yakan gangara cikin rami ta gefe ya ɓata awon gaba ɗaya.

Na fara da ramin bincike, wanda ba na awo ba ne. Na huda har zurfin santimita 230, ina jera ƙasar da nake cirowa a kan buhu bisa tsarin fitowarta, ina murza kowace a tsakanin yatsuna. Daga sama zuwa wajen santimita 40 ƙasa ce mai duhu da ta sha garma. Daga nan sai laka mai gaurayen yashi, ruwan toka da ɗigo-ɗigon ja kamar tsatsa, wanda alama ce ta cewa ruwa yana hawa yana sauka a wannan zurfin shekara da shekaru. Haka ta ci gaba har inda ƙarfen ya kai, ban ci karo da marmara ko tauri ba. Amfanin wannan rami shi ne sanin ko akwai shimfiɗar da ruwa ba ya ratsawa kusa da gindin ramin awo, domin ƙa'idar lissafin da za a ɗauka ta dogara a kan haka.

Ramin awo na farko na huda shi taku biyar daga wancan, zurfinsa santimita 160. Muka kafa ƙarfen rataya, alamarsa tana santimita 20 a saman ƙasa, kuma daga wannan alama muka riƙa karanta kowane awo. A nan na kusa yin kuskuren da ya fi kowanne yawa a wannan aiki. Bayan kamar minti goma sha biyar na duba tef, na ga 90, na sake dubawa bayan ɗan lokaci na ga kamar bai motsa ba, sai na rubuta 90 a matsayin matakin ruwan da ya tsaya, na ce wa yaron ya miƙo guga. Dattijon yana tsugune a gefe yana kallo, sai ya ce, "Injiniya, ruwan nan fa bai gama zuwa ba. Idan muka haƙa rami a nan, sai an kwana yake nuna iyakarsa." Na ce, "To Baba, bari mu gani." Na zuba wa tef ido na tsawon minti biyar cur, sai na ga gwangwanin ya ɗaga da kusan santimita ɗaya. Gaskiyarsa ce, ruwan yana tahowa, sai dai a hankali ƙwarai.

Dalilin wannan jinkiri shi ne abin da ƙarfen haƙa yake yi wa bangon rami. Idan ana murɗa shi a cikin jiƙaƙƙiyar laka, yakan shafe bangon sumul kamar yadda maginiya take shafe cikin tukunya, ya toshe ƙananan ƙofofi da hanyoyin saiwa da na tsutsa waɗanda ruwa yake bi. Wanda ya auna ramin a wannan hali, saurin shafen ya auna, ba na ƙasar gonar ba. Maganinsa shi ne a kwashe ruwan ramin sau biyu ko uku a bar shi ya komo, domin ruwan da yake kutsowa daga waje ya wanke ƙofofin. Mun yi haka sau uku. Ruwan farko ya fito kamar kunu, na uku ya fito da ɗan haske, kuma ko da ido ana ganin cewa komowarsa ta ƙara sauri. Kowane guga sai yaron ya kai shi nesa ya zubar a lambatu, ba a gindin ramin ba. Muka huda sauran ramuka huɗu a sassan gonar, muka wanke su haka nan, muka rufe bakunansu da fale-falen katako, muka tafi.

Washegari da sassafe tef ya nuna 80 a ramin farko, bayan rubu'in awa kuma ya sake nuna 80. Wannan shi ne matakin ruwa na gaskiya, santimita 60 ke nan daga doron ƙasa, kuma bambancinsa da abin da na rubuta jiya ya kai santimita 10. Tun da gindin rami yana 180 daga alama, tsawon ruwan da yake cikin ramin, wanda ake kira H a lissafi, ya zama santimita 100 daidai.

Awon kansa minti ɗaya ne kacal, amma sai da muka gwada hannu sau biyu a wani rami kafin mu taɓa wannan. Na ciro gwangwanin, yaron ya nutsa guga ya ɗago, ya sake nutsawa ya ɗago, ni kuma na mayar da gwangwanin nan take na danna agogo. Ba a so tsakanin fitar guga da karatun farko ya wuce 'yan daƙiƙoƙi, domin ruwa ba ya jiran kowa, kuma farkon komowarsa shi ne ake nema. Shi yana riƙe da agogo yana cewa "yanzu" duk bayan daƙiƙa goma, ni ina durƙushe idona a kan alama ina karantawa ina rubutawa. Karatun farko 122.0 ne, wato mun saukar da ruwa da santimita 42. Daga nan sai 120.8, sai 119.6, sai 118.5, sai 117.4, sai 116.3, na ƙarshe kuma a daƙiƙa ta sittin 115.2.

Kafin in yi wani lissafi sai da na duba tazarar da take tsakanin karatu da karatu: 1.2 sau biyu, sannan 1.1 sau huɗu. Wannan shi ne abin da mai awo yake so ya gani, hawa a jere wanda yake raguwa kaɗan-kaɗan. Idan karatun farko-farko suka yi tsalle fiye da na bayansu, yawanci ruwan da ya manne a bangon rami ne yake tsiyayowa bayan fitar guga, sai a yar da su. Idan kuma wani karatu ya tsaya sannan na gaba ya zabura, gwangwanin ne ya maƙale a bango, ko kuwa ɓangaren ƙasa ya rufta ciki.

Yaron ya tambaye ni dalilin da ya sa muka tsaya alhali ruwa bai cika ba, kuma tambayar tana da kyau. Ƙa'idar lissafin ta ɗauka cewa matakin ruwan da yake kewaye da rami bai sauya ba. Amma ruwan da yake shiga ramin daga ƙasar gefensa yake fitowa, don haka idan aka daɗe sai matakin ya lotsa a kewayen ramin kamar mazurari, turin ruwan ya ragu, hawan ya yi sanyi fiye da yadda lissafi yake zato, a samu K ƙarami wanda ba na gaskiya ba. Saboda haka ake daina karatu kafin kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da aka kwashe ya komo. Mu mun kwashe santimita 42, rubu'insa 10.5 ne, abin da ya komo a minti ɗayan kuwa 6.8 ne, muna cikin iyaka ke nan.

Ga ƙa'idar Ernst da na yi aiki da ita, wadda ta dace da inda shimfiɗa mai hana ruwa take nesa da gindin rami da fiye da rabin H:

```
K = [4000 r² / ((H + 20r)(2 − y/H) y)] × (Δy/Δt)
```

A cikinta r shi ne rabin faɗin rami, y matsakaicin nisan da ruwa ya sauka ƙasa da matakinsa a lokacin awo, Δy yawan hawan da ya yi, Δt kuma lokacin da ya ɗauka. Ana sa tsawo da santimita, lokaci da daƙiƙa, amsa kuma ta fito da mita a kwana, domin adadin 4000 ɗin ya riga ya ƙunshi sauyin ma'auni. A raminmu r 4 ne, H 100. Nisan saukar ruwan ya fara daga 42 ya ƙare a 35.2, matsakaicinsu, wato y, 38.6. Saman lissafin ya ba da 64,000. A ƙasansa kuma 180 sau 1.614 sau 38.6 ya ba da kusan 11,214. Idan aka raba sai a samu 5.71. Saurin hawa shi ne 6.8 a raba da 60, wato 0.113 a kowace daƙiƙa. Da na ninka su biyun sai K ya fito mita 0.65 a kwana, wanda ya dace da irin lakar mai yashi da na murza a hannuna jiya. Wannan dacewa tana da muhimmanci a wurina, domin idan yatsa ya ce laka, lissafi kuma ya ce mita biyar a kwana, to akwai abin da ya kamata a koma a bincika.

A inuwar wata bishiyar mangwaro na sake lissafin da adadin jiya, don in ga abin da gaggawata za ta jawo. Da na riƙe 90 a matsayin matakin ruwa, da H ya zama 90, y ya zama 28.6, K kuma ya fito 0.89, wato ƙari na fiye da kashi ɗaya cikin uku, alhali babu abin da ya sauya a ƙasar. Tazarar magudanai tana tafiya ne kusan da tushen murabba'in K, saboda haka inda ya kamata a bar mita 30 sai in ce a bar kimanin 35, tsakiyar fili ya ci gaba da riƙe ruwa bayan mutum ya kashe kuɗinsa. Na kuma gwada ɗaya ƙa'idar, wadda ake ɗauka idan gindin rami ya zauna a kan shimfiɗa mai hana ruwa, inda 3600 yake maye gurbin 4000, kuma 10r yake maye gurbin 20r. Ta ba da 0.75. Ramin binciken da na huda har 230 ya nuna akwai aƙalla santimita 70 na ƙasa mai ratsuwa a ƙarƙashin gindin ramin awo, fiye da rabin H, don haka ƙa'idar farko ce tawa.

Mun bar ramin ya koma 80, muka maimaita, muka samu 0.62. Bambancin bai dame ni ba, domin ƙa'idar kanta kusanto ce, kuma tana aiki ne a cikin iyakoki: rabin faɗin rami tsakanin santimita 3 da 7, H tsakanin 20 da 200, kuma saukar ruwan ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na H.

Ramuka uku daga cikin sauran ba su ba mu wahala ba. Sun ba da 0.40 da 0.90 da 0.20, na ƙarshen nan a can ƙasan gangare inda fari-farin ya fi yawa, kuma a wurin sai da muka mayar da karatu duk bayan daƙiƙa talatin saboda sanyin hawan. Rami na biyar ne ya tsayar da mu. Da muka ɗago guga sai na ji ƙarar zubewar wani abu a ciki, ruwan kuma ya yi tsalle. Na zura sanda na auna zurfin, sai na tarar ramin da na huda 160 ya koma 138. Na koma kan buhun da na jera ƙasarsa, na ga akwai zallar yashi daga wajen santimita 120, wanda jiya na gani amma ban ba shi muhimmanci ba. Yashin da yake ƙarƙashin ruwa ba ya tsayuwa idan aka janye ruwan da yake tokare da shi, kuma ƙasar da ta faɗa ciki takan ɗaga ruwa ko da babu ɗigon da ya shigo daga gefe. Na soke wannan awo. Muka huda sabon rami kusa da shi, muka zura bututun roba da muka hudhuda ko'ina a jikinsa domin ya riƙe bango, muka jira har bayan la'asar ya daidaita. Da guga ɗaya muka yi aiki, muna karatu duk bayan daƙiƙa biyar, ya ba da 2.6. Ban amince da wannan adadi kamar sauran ba, domin bututun yana iya rage shigar ruwa, kuma adadin gauraye ne na laka a sama da yashi a ƙasa. Na rubuta hakan a gefensa.

Sai batun haɗa adadi biyar su zama ɗaya. Idan aka tara su aka raba da biyar ana samun 0.95, amma kowa yana iya ganin cewa ramin yashin nan ne ya ja sauran sama, domin huɗu daga cikin biyar ba su kai haka ba. Irin wannan awo yakan warwatsu ne ta hanyar ninki, wani ya ninka wani sau biyu, wani sau goma, shi ya sa masu aikin magudana suka fi son a ninka adadin da juna sannan a ɗauki tushensu gwargwadon yawansu, wato tushe na biyar idan adadi biyar ne. Da na yi haka sai na samu 0.66. Duk da haka ban ba dattijon adadi ɗaya ga gonar duka ba, domin wurin da yake kuka da shi shi ne mai 0.20, kuma can ne magudanai suke bukatar matsowa kusa da juna. Ya kamata a tuna cewa kowane rami yana ba da labarin ƙasar da take kewaye da shi ne kawai, abin da bai wuce rabin mita ba, kuma galibi tafiyar ruwa ta gefe yake aunawa, wadda ita ce ake bukata a lissafin magudana, ba saukarsa daga sama zuwa ƙasa ba.

Akwai wani tudu a gabashin gonar da ya so in auna masa, amma na huda har mita biyu ban tarar da ruwa ba, kuma inda babu ruwan ƙasa wannan hanya ba ta aiki. A irin wurin ana juya al'amarin ne, a zuba ruwa a rami maimakon a kwashe. Na'urar Guelph, wadda Reynolds da Elrick suka ƙirƙiro a ƙasar Kanada, tana riƙe ruwa a tsayi ɗaya cikin rami, misali santimita 5 sannan 10, ta hanyar wani bututun iska da yake cikin tankinta, mai awo kuma ya jira har saurin raguwar ruwan tankin ya daidaita sau uku ko huɗu a jere. Busasshiyar ƙasa tana tsotson ruwa ban da wanda nauyi yake turawa, dole lissafi ya ware wannan, kuma a ƙasa mai shimfiɗu daban-daban lissafin tsayi biyun yakan ba da adadi ƙasa da sifili, wanda ba shi da ma'ana. Ban zo da na'urar ba a wannan tafiya, na kuma gaya masa cewa tudun ba ya cikin matsalar da ta kawo ni.

Kafin magariba muka cike ramukan muka daddanne, saboda kada ƙafar dabba ko ta yaro ta faɗa. Guda ɗaya na bari, wanda yake can ƙasan gangare, na mayar da bututun roban cikinsa na yi masa murfi. Na yanka wa dattijon kara na yi masa tsaga a kowane santimita goma, na roƙe shi ya riƙa zura shi kowace safiya, da ranar ban-ruwa da ranakun da suke biye, ɗansa ya rubuta abin da ya gani. Lissafin tazara yana bukatar sanin yawan ruwan da za a fitar a kwana ban da K, kuma hawa da saukar ruwan bututun nan ne zai nuna mini hakan. Muka yi alkawarin in komo bayan mako uku in karɓi takardar.